Babi na 9: Ciwon Mara na Gefe Ɗaya Mai Zuwa Farat Ɗaya

Darasi na 1: Mene ne a cikin mara?

Ɗora tafin hannunki a ƙasan cibiya. Nan ne mara. A tsakiyarta mahaifa take. A gefen dama na mahaifa akwai gidan ƙwai ɗaya, a gefen hagu ma akwai ɗaya. Kowanne tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Ɗauki rula ki duba inda aka rubuta 3, sannan ki duba 5. Ki riƙe lambar 5 ɗin nan, za mu dawo gare ta.

Duk wata, gidan ƙwai yana yin wata 'yar jaka mai ruwa, ƙwai ya nuna a cikinta, sannan ya fita. Wani lokaci jakar ba ta sacewa, sai ta ci gaba da tara ruwa ko jini har ta zama ƙullutu. Kada ki tsorata da jin haka. Mata da yawa suna yin irin wannan ƙullutu ba su sani ba, kuma mafi yawansa kan baje da kansa cikin wata 2 ko 3. Ba sammu ba ne, ba iska ba ce, kuma ba laifin matar ba ne.

Abu biyu ne ke sa ƙullutun ya zama abin gudu zuwa asibiti: ya murɗe, ko ya fashe.

Darasi na 2: Murɗewa

Gidan ƙwai a rataye yake da wata 'yar igiyar nama, kuma a cikin igiyar ne jijiyoyin da ke kai masa jini suke bi. Idan ƙullutu ya yi girma, musamman daga santimita 5 zuwa sama, nauyinsa kan juya gidan ƙwan, igiyar ta murɗe. Wadda ta taɓa ban ruwa da tiyo ta san abin da ke faruwa idan tiyon ya naɗe: ruwa ya tsaya. Haka jini yake tsayawa. Da farko jinin da ke son fita ne yake kasa fita, sai gidan ƙwan ya kumbura. Daga baya wanda ke son shiga ma ya kasa shiga. Naman da jini ba ya kai masa mutuwa yake yi.

Ga yadda ake gane shi. Ciwon yana zuwa ne farat ɗaya, a gefe ɗaya na mara, ya fi yawa a dama. Mai shi za ta iya gaya miki abin da take yi daidai lokacin da ya kama ta. Yana da tsanani har ta duƙe ta kasa miƙewa, wani lokaci ya sauka cinya ko ya zagaya baya. Yawancin mata suna jin tashin zuciya ko su yi ta amai tare da shi. Yana samun matar aure, yana samun mai ciki a watannin farko, yana samun wadda ke shan maganin neman haihuwa. Yana samun yarinyar da ba ta ma fara al'ada ba, don haka kada a ce wa 'yar shekara 11 wai ƙarya take don kada ta je makaranta.

Yanzu ku ajiye fensir ku saurara, domin nan ne ake yawan faɗuwa. Ciwon murɗewa yana iya lafawa. Igiyar kan ɗan warware, jini ya wuce, mai ciwo ta ji sauƙi har ta nemi abinci. Bayan awa kaɗan ta sake murɗewa. Akwai kuma lafawar da ta fi wannan muni: idan naman ya mutu, ciwon kan ragu na ɗan lokaci kafin zazzaɓi ya biyo baya. Ke da ke gida ba ki da hanyar bambance irin wannan lafawa da samun sauƙi na gaskiya.

Rubuta wannan layin a littafinki:

Ko ciwon ya lafa, a tafi asibiti yanzu.

Karanta shi da ƙarfi. Sake karantawa. Idan hannunki yana rawa wajen rubutun, ba komai, rubuta a hankali, harafi bayan harafi. Madalla.

Ga misali, mu bi shi daki-daki. Mu ce wata mata ce mai shekara 26, da 'ya'ya biyu. Da ƙarfe 4:30 na yamma ta sunkuya za ta ɗauki bokitin ruwa, sai ciwo ya soke ta a dama, ta durƙusa, ta yi amai sau biyu. Aka kira mai kemis, ya yi mata allurar kashe ciwo. Da ƙarfe 7:00 ta ji sauƙi, ta sha kunu. Surukarta ta ce, "Alhamdulillahi, 'yar nan, ai ya wuce. Ki kwanta, da safe a gani." Da ƙarfe 2:00 na dare ciwon ya dawo, ya fi na farko, ga shi babu abin hawa. Ba su isa babban asibiti ba sai ƙarfe 9:00 na safe.

Lissafa da yatsunki: daga 4:30 na yamma zuwa 9:00 na safe awa nawa ne? Awa 16 da rabi. A ina suka yi kuskure? Kiran mai kemis kuskure ne, amma babban kuskuren a ƙarfe 7:00 yake, lokacin da ta ji sauƙi, gari bai yi tsit ba, adaidaita na kan hanya. Allurar ta rufe bakin ciwon ne kawai, igiyar tana nan a murɗe. Babu allura, babu ƙwaya, babu jiƙon da ke warware ta. Tiyata ce kaɗai. Idan aka je da wuri, likita yakan warware murɗin, ya cire ƙullutun, ya bar gidan ƙwan a wurinsa, kuma sau da yawa yakan farfaɗo ko da ya yi baƙi. Idan aka makara, yana iya kaiwa ga sai an cire shi. Mace mai gidan ƙwai ɗaya lafiyayye tana al'ada, tana kuma haihuwa, kada wannan ya hana kowa yarda da aiki. Amma me zai sa a yi asarar abin da za a iya ceta?

A duk ajin da na koyar da wannan darasi, idan na tambaya, "Ciwon ya lafa da magariba, me za ki yi?" sai an sami masu cewa, "Sai a bari da safe." Yanzu-yanzu kun rubuta layin da hannunku! Duba littafin. Me ya ce? Ko ciwon ya lafa, a tafi asibiti yanzu. Bai ce da safe ba. Bai ce sai maigida ya dawo daga kasuwa ba. Kunyar da ke hana ki faɗa wa surukarki cewa mararki ce ke ciwo, wallahi ba za ta biya miki abin da za ki rasa ba. Ku kuma maza da ke karanta wannan babi, ku ba da izinin tun yau, a gaban mutanen gida: idan irin wannan ya taso ba na nan, a kai ta, a kira ni a hanya. Sake rubuta layin sau uku kafin ki juya shafi.

Darasi na 3: Fashewa

Ƙullutu kan fashe, sau da yawa bayan saduwa da miji ko aiki mai nauyi, kuma ya fi faruwa a mako biyu na kafin al'ada. Shi ma ciwonsa farat ɗaya ne, a gefe ɗaya. Idan ruwa ne kaɗan ya zubo, jiki kan shanye shi, ciwon ya ragu cikin kwana kaɗan, likita ya ba da magani ya sa ido. Idan kuwa jijiya ce ta tsage, jini zai yi ta zuba cikin ciki, kuma ba za ki ga ɗigo ko ɗaya a zani ba. Rashin ganin jini a waje ba ya nuna babu zubar jini.

Ja fatar ƙasan idon mai ciwon ki duba: ta yi fari? Taɓa hannunta: ya yi sanyi, tana gumi? Idan ta tashi zaune tana ganin jiri, ko ta suma, ko zuciyarta na bugawa da sauri, ko ta ce saman kafaɗarta na ciwo alhali ba ta bugu ba, to jini ne ke taruwa a ciki. A kwantar da ita a mota, a ɗaga ƙafafunta, a tafi da 'yan uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini.

Idan al'adarta ta yi jinkiri ko da na kwana kaɗan ne, a faɗa da zarar an isa. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana ba da waɗannan alamu sak, kuma yana iya kisa cikin sa'o'i. Afendis ma yakan yi kama da su. Bambancewa aikin likita ne. Naki aikin kin riga kin rubuta shi.

Darasi na 4: Kafin a fita da bayan an isa

Kada ta ci komai, kada ta sha komai, ko da kunu ne. Idan za a yi tiyata, cikakken ciki yana da haɗari wajen allurar barci. Kada a ba ta kanwa ko jiƙo, kada a yi mata tausa a mara. Kada a ba ta asfirin ko irin ƙwayoyin ciwon jiki na kemis, suna iya ƙara zubar jini.

A nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata, wato babban asibiti, a shiga sashen gaggawa. Yagi takarda ki rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ciwon ya fara, wane gefe, ranar da al'ada ta ƙarshe ta fara, da ƙarfe nawa ta ci abinci. Miƙa wa nas. Za a yi gwajin ciki da fitsari, a ɗibi jini, a yi sikanin. Sikanin yana nuna ƙullutu da jinin da ya taru, amma yana iya nuna kamar ba matsala alhali akwai murɗewa. Idan likita ya ce zai shiga ya duba duk da haka, a sa hannu. Idan an sallame ta kuma ciwon ya dawo, a koma.

Darasi na 5: Wadda ta san tana da ƙullutu

Nemi takardar sikanin ɗinki, ki duba lambar da ke kusa da harufan cm. Idan ta kai 5 ko ta wuce, tambayi likita yaushe za ki koma. Ajiye takardar inda kowa a gidan ya sani.

Aikin gida

1. Rubuta sunan babban asibitin da ya fi kusa da ku.
2. Rubuta lambar wayar mai mota ko mai adaidaitan da zai iya fitowa da dare.
3. Ciwon ya lafa da ƙarfe 7:00 na yamma. Me za a yi? Rubuta amsar ba tare da kin leƙa littafi ba.