Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Hana Imel Cinye Data

Kuskuren da na fi gani a hannun mutanenmu a Garwa shi ne ɗaukar cewa da zarar waya ta hau waifai, duk abin da ta sauke kyauta ne. A manhajar Gmail ta Android akwai wani zaɓi mai suna Download attachments, wanda aikinsa shi ne sauke takardu da hotunan da aka maƙala wa sababbin saƙonni, tun kafin mutum ya buɗe su. Zaɓin ba ya aiki sai an hau waifai, don haka da yawa suke barin sa a kunne. Sai dai mafi yawan waifai ɗin da muke hawa a nan daga wayar wani ɗan'uwa yake fitowa, ko daga ƙaramin modam mai layi a ciki, kuma duka biyun forfe ne da aka saya da sefa.

Na ga wannan ƙuru-ƙuru a shagon ƙanena da ke sayar da kayan gyaran babur. Dillalinsa na Duwala ya turo masa saƙonni 10 a mako guda, kowanne ɗauke da hotunan kaya 4 masu nauyin kusan mega 3, wato mega 120 ke nan a dunƙule. Saƙo 2 kawai yake bukata, amma da yaron shago ya kunna masa waifai daga tasa wayar, sai Gmail ta kwashe su gaba ɗaya. Yaron ya zo yana cewa, "Alhaji, ban kalli komai ba, amma mega ta tafi." Mun duba lissafin datar Gmail a wayar Alhajin ba mu ga abin a-zo-a-gani ba, domin nauyin ya faɗa kan wayar da ta raba waifai ɗin, kuma ta haka ake gane wannan matsala. Gyaran shi ne a shiga Settings a cikin Gmail, ko Paramètres ga mai wayar Faransanci, a taɓa adireshin imel ɗin, a sauka ƙasa, a cire alamar da ke gaban Download attachments. Daga nan fayil ba ya sauka sai an taɓa shi.

Wasu kuma suna tsayawa a nan, suna zaton sun gama, alhali hotunan da ke cikin jikin saƙo hanyarsu daban ce. Saƙonnin talla da na sanarwa yawanci ba sa zuwa da hotunansu, sai an buɗe saƙon sannan waya ta je ta ɗauko su, ko da datar layi ce. A wannan shafin dai akwai Images, inda ya kamata a zaɓi Ask before displaying external images. Bayan haka rubutu ne zai fara bayyana, hoto kuwa sai an taɓa Show pictures. Wannan zaɓi bai shafi hoton da mai turowa ya maƙala da hannunsa ba, shi ya sa ake bukatar gyaran biyu.

A nan ne kuma gaggawa ke ɓata aiki. Bayan an taɓa Show pictures, Gmail tana tayin ta riƙa nuna hotunan wannan mai turowa kullum, kuma wanda ya amince ya buɗe ƙofar da ya rufe yanzu-yanzu. A ganina, ko saƙon banki ne bai cancanci wannan izini ba, tunda abin da ake nema a cikinsa rubutu ne da lambobi. Wanda ya riga ya amince wa da yawa zai iya share izinin duka ta General settings, ya taɓa ɗigo ukun da ke sama, ya zaɓi Clear picture approvals.

A tuna cewa kowane adireshi da saitinsa, saboda haka mai imel biyu, na aiki da na gida, sai ya gyara kowanne. Kafin a fita daga shafin adireshin, a duba Days of mail to sync, wanda ke zuwa a kan kwana 30. Mayar da shi kwana 7 yana rage saƙonnin da wayar ke saukewa ta ajiye, kuma tsofaffin saƙonni suna nan ba su ɓace ba, sai dai buɗe su zai bukaci intanet. Bayan mako guda a koma Settings na wayar kanta, a shiga Apps, a zaɓi Gmail, a kwatanta datar layin da ta ci da ta makon da ya gabata, ta waifai kuwa sai a duba ta a wayar da ta raba shi.