Yadda Ake Rubuta Hirar Maƙwabta a Kan Hawan Jini Don Rediyo

Na sha ganin sababbin marubuta sun ɗauko maƙwabta biyu, sai su mai da ɗaya likita, ɗayar kuma ba ta da aiki sai "haka ne, haka ne". Mai sauraro na jin haka zai murɗa tasha. Ni ma da haka na fara, har wata tsohuwa a unguwarmu ta ce mini wa'azi ta ji, ba hira ba.

Da farko ka zaɓi saƙo ɗaya tak. Ni a wurina, wanda ya fi kowanne shi ne: jin sauƙi ba dalilin ajiye magani ba ne. Hawan jini kan zauna a jikin mutum shekaru ba ciwon kai ba jiri, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Sai ka ba maƙwabtan dalilin haɗuwa. Aron gishiri ya wadatar, kuma sautin daka a turmi ba ya cin ko sisi, da waya ma ana ɗaukarsa.

Inda ake faɗuwa shi ne bakin mai musu. Kada ka mai da ita wawiya. Ka sa mata hujjar da mata ke faɗa da gaske a gidan suna, wadda mai sauraro ma ya yarda da ita:

Maman Sadiya: Yaya, ai ni na warke. Wata biyu rabona da ƙwayar nan, garau nake.

Yaya Talatu: Kin je an auna?

Maman Sadiya: Awon me? Damuwa ce ta kawo shi, yanzu hankalina a kwance yake.

Yaya Talatu: Haka Malam ya ce bara, ranar da kofi ya suɓuce masa a hannu.

Ka lura Yaya Talatu ba ta yi bayani ba, abin da ya faru a ɗakinta ta faɗa. Daga nan ne za ta iya cewa maganin danne jinin yake yi, ba ya kawar da cutar, ana dainawa ya sake hawa. Kuma kada Maman Sadiya ta sallama nan take. Bari ta kawo kukan tsadar magani, don gaskiya ne.

Lamba ɗaya ta isa, 140 bisa 90, wato awon da daga shi ake cewa jini ya hau, a faɗe ta sau biyu a matsayin abin da ma'aikaciyar asibiti ta gaya wa Malam. Gishiri kuwa kada ka ce giram 5, ka ce bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba a yini, har da na dunƙulen miya. Sunan magani kada ya fito sam, wani zai tafi kemis ya saya da kansa.

Ka karanta da ƙarfi, agogo a gabanka, minti biyar. Duk jimlar da ta sa ka ja numfashi a tsakiya, ka raba ta. A rufe da Maman Sadiya tana neman mayafinta, Yaya Talatu na cewa za ta raka ta awo.