Yadda ake ba yaro maganin zazzaɓi ba tare da an ninka masa ba

A gida mai mutane da yawa, yaro mai zazzaɓi yana iya shan magani ɗaya daga hannu uku kafin azahar. Uwa ta ba shi sirof ɗin farasitamol da safe, kaka ta ji yana atishawa ta ƙara masa na mura, uba ya dawo daga kemis da ƙwayoyi a leda. Kowa ya yi don tausayi, amma hantar yaron ba ta san sunan kwalba ba, abin da ke ciki kawai take karɓa. Ga yadda ake kauce wa wannan.

Da farko, ku karanta abin da ke cikin kwalbar

Babban sunan da ke gaban kwali sunan kasuwa ne. Ku nemi ƙaramin rubutun da ke ƙasa ko a gefe, inda aka jera sinadaran. Idan kun ga `Paracetamol` ko `Acetaminophen`, abu ɗaya ne. Panadol ma farasitamol ne. Magungunan mura da ciwon jiki da yawa suna ɗauke da shi a haɗe da wasu sinadarai, akwai kuma wanda ake sakawa ta dubura da wanda ake yi ta allura. Duk lissafinsu ɗaya ne. In kwalba biyu suna ɗauke da shi, ku zaɓi ɗaya ku ajiye ɗayar inda hannu ba zai kai ba.

Ƙwayoyin da aka ƙulla a leda ba suna, a ganina, bai kamata su shiga bakin yaro ba. Ku ce wa mai kemis, “Malam, rubuta mana sunan kowanne, kuma akwai farasitamol a ciki?” Ku kuma faɗa masa abin da yaron ya riga ya sha a gida da lokacin da ya sha.

Ku auna da nauyin yaro

Ana ba da farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin yaro a sha ɗaya. Mu ɗauki yarinya ’yar shekara biyu mai kilo 12. Iyakarta a sha ɗaya miligiram 180 ne, wato 12 sau 15. Idan kwalbar an rubuta mata `120mg/5ml`, za ta sha mililita 7.5.

Sai dai akwai wani sirof mai ƙarfi da aka rubuta masa `250mg/5ml`, na manyan yara ne. Wannan mililita 7.5 ɗin, in daga wannan sirof aka ɗiba, ya zama miligiram 375, fiye da ninki biyu na abin da ya dace da yarinyar. Na ɗigawa a bakin jarirai, mai `100mg/ml`, ya fi su duka ƙarfi duk da ƙanƙantar kwalbarsa. Don haka duk lokacin da aka sayo sabuwar kwalba, a sake duba lambar, kada a ce ai mun saba. Ku auna da sirinji marar allura ko ɗan kofin da ya zo da maganin. Cokalin shayi na gida ba ma’auni ba ne, wani ya fi wani zurfi.

Ku tsara tazara, ku rubuta ta

Ƙa’idar farasitamol biyu ce, kuma tare suke aiki. Tsakanin sha da sha a bar aƙalla awa 4, an fi son 6. Sannan kada a wuce sau huɗu cikin awa 24.

Mutane da yawa suna riƙe ta farko su manta ta biyu. Idan yarinyar nan ta sha ƙarfe 8 na safe, aka riƙa ba ta bayan kowace awa huɗu, za ta sha 12 na rana, 4 na yamma da 8 na dare. Sau huɗu ya cika ke nan, babu ƙari sai 8 na safen gobe. To ga dare ya raba, jiki ya yi zafi rau, uwa ba ta da abin bayarwa, kuma a nan ne hannu ke kaiwa ga sha na biyar. Da an bi tazarar awa shida, 8 na safe, 2 na rana, 8 na dare, 2 na dare, da maganin ya kai ta har wayewar gari. Awa 24 ɗin kuma ba ta sabunta don an yi sallar asuba, ana ƙirga ta ne daga na farko cikin sha huɗun da aka yi a baya.

Ku samu takarda ku ɗaure ta da kwalbar, duk wanda ya bayar ya rubuta lokaci da yawan abin da ya bayar. Ya fi kyau ma a ɗora aikin a kan mutum ɗaya, kowa ya tambaye shi kafin ya taɓa kwalba. Ba dole ba ne a tashi yaron da ke barcinsa lafiya don lokaci ya yi, ana ba da maganin ne don ya samu sauƙin jiki. In ya yi amai bayan rabin awa da sha, kada a sake ba shi. In nan take ya amayar, ku tambayi ma’aikacin lafiya kafin ku maimaita.

Idan akwai ibufurofen a gidan

Wanda aka rubuta wa `Ibuprofen` magani ne daban, tazararsa awa 6 zuwa 8, kuma ku tsaya a sau uku a awa 24 sai in likita ya ce wani abu. A ba da shi bayan yaro ya ci abinci ko ya sha nono. Ba a ba jaririn da bai kai wata uku ba, ko mai ƙarambau, ko yaron da gudawa da amai suka ƙarar masa da ruwan jiki, domin yana iya taɓa ƙoda. Kada ku fara sauya shi da farasitamol bi da bi sai ma’aikacin lafiya ya tsara muku, don lissafi biyu yana saurin rikicewa cikin dare. Akwai kuma ƙwayoyin ciwon jiki na manya da suka haɗa su biyun a ƙwaya ɗaya. Asfirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita.

Idan an riga an ninka

Abin da ke ba ni tsoro da farasitamol shi ne ba ya nuna ɓarnarsa da wuri. A ranar farko yaro zai iya yin wasansa, ko ya ɗan yi tashin zuciya da amai, wanda za a ɗora wa zazzaɓin. Ciwo a gefen dama na saman ciki yakan biyo baya, sai a kwana na uku ko na huɗu ido ya yi rawaya, lokacin hanta ta riga ta jigata. Akwai makarinsa a asibiti, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Don haka in kun gano an haɗa masa magani biyu masu farasitamol, ko an wuce sau huɗu, ko ya ɗauki kwalba ya sha da kansa, ku dakatar da komai ku tafi asibiti a lokacin, da duk kwalaben da takardar lokutan. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara.

Farasitamol yana sauke zafi ne kawai, ba ya kashe cutar da ta kawo shi, kuma ba ya hana jijjiga. A ƙasarmu ta sauro, yaro mai zazzaɓi yana buƙatar gwajin maleriya a ranar da ya fara. Jaririn da bai kai wata uku ba, in zafinsa ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye. Haka yaron da ya ƙi shan nono ko ruwa, ko yake amayar da komai, ko yake numfashi da ƙyar, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya yi jijjiga, ko ake tashinsa da wahala.