Darasi na 6: Yadda ake gabatar da baƙo a rediyo

Toh, kai da ke cikin situdiyo kana ganin baƙon naka, amma mai sauraro murya kawai yake ji, wataƙila ma yana tuƙi ko tana wanke-wanke, kunne ɗaya ne a wajenka. Don haka aikinka shi ne ka ɗaure suna da murya wuri guda, ta yadda in baƙon ya buɗe baki za a san waye.

Tun kafin a buɗe makirfo ka tambaye shi yadda ake faɗin sunansa da muƙamin da yake so a kira shi da shi, ka rubuta yadda kunnenka ya ji, ka maimaita a gabansa. In ka yi kuskure a iska shi zai fara da gyara maka, shirin ya tashi da tuntuɓe ke nan.

Misali an gayyato ungozoma. Wani sai ya fara da sunanta, ya jero makarantun da ta yi da kwasa-kwasai da lambobin yabo har minti 2, kafin ya gama an manta sunan, an ma manta me ya kawo ta. Gwada haka:

"Masu sauraro, wace alama ce mai juna biyu za ta gani ta san ba ta jiran gari ya waye, asibiti za ta nufa? Yau muna tare da ungozomar da ta shekara 18 tana karɓar haihuwa, Malama Wance. Malama, barka da zuwa."

Bai wuce sakan 20 ba. Tambayar ta riƙe kunne, shekara 18 ɗin ta isa hujjar a saurare ta, sunan kuma ya zo ƙarshe daf da muryarta. Daga nan sai ka yi shiru ta amsa, wannan "barka kadai" ɗin da za ta ce shi ne fuskarta a rediyo, kar ka tari numfashinta.

In baƙi biyu ne, balle in muryarsu ta yi kama, kar ka jero su tare su amsa a lokaci ɗaya. Kira ɗaya ya gaisa, sannan ɗayan, kuma duk tambaya ka fara ta da sunan wanda kake nufi, "ke fa me kika gani?" ba ta gaya wa na gida komai tunda bai ga inda ka juya ba. Haka nan "ga shi nan a hannunta", a'a faɗi menene.

A fodkas yawanci daga farko ake ji, amma rediyo mutum na iya kunnawa a tsakiya, shi ya sa bayan kowace talla, ko kamar duk minti 5 zuwa 10, sai ka ce "ga wanda bai jima da kama mu ba, muna tare da Malama Wance, ungozoma", ka ci gaba da tambayarka.