Babi na 6: Yadda ake gano kewayen gida idan ba a ba ka duk tsawon gefuna ba

Darasi na ɗaya

'Yan uwa ku ɗauko fensir da littafi, kowa ya zana gida mai kwana huɗu irin yadda daddumar sallah take, gefe biyu dogaye gefe biyu gajeru. Ba sai zanen ya yi kyau ba. Yanzu ɗora yatsanka a kwana ɗaya ka bi layi, gaba, gefen dama, baya, gefen hagu, har ka dawo inda ka tashi. Tafiyar nan da yatsanka ya yi ita ce kewaye, wato tsawon katangar da za ta zagaye gidan kaf. Layi nawa ka bi? Huɗu. Riƙe wannan huɗun da kyau don a kansa yawancin mutane suke faɗuwa.

A nan Legas idan ejan ya ce maka cikakken fuloti ne, yawanci yana nufin ƙafa 60 a faɗi, ƙafa 120 a tsawo, ko a Agege ne ko a Ikorodu haka za ka ji ana cewa sittin da ɗari da ashirin. Lamba biyu kawai ya faɗa maka, amma filin gefe huɗu gare shi, to ina sauran biyun? Ba sai an faɗa ba, domin a fili irin wannan kowane gefe daidai yake da wanda ke kallonsa. Gaba 60 ne, to baya ma 60. Dama 120 ne, to hagu ma 120.

Kafin ka tara komai, rubuta lamba a jikin kowane layi na zanenka. 60 a gaba, 60 a baya, 120 a dama, 120 a hagu. Ƙirga lambobin da yatsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. In ka ga layi ɗaya babu lamba a jikinsa to ka tsaya, ba ka shirya tarawa ba tukuna.

Yanzu mu tara a hankali. 60 da 120 sun zama 180. A ƙara 60 na baya, 240. A ƙara 120 na hagu, 360. Kewayen fulotin ƙafa 360 ne.

Na sha gani a aji, mutum ya tara 60 da 120 ya samu 180 sai ya ajiye fensir ya ce ya gama. Wani dattijo mai gadi a Idi-Araba da na tambaye shi ina sauran, cewa ya yi "Malam ai biyu aka ba mu." Na ce Baba, gidan da kake gadi in ka zagaya shi da dare, gaba da gefe ɗaya kawai kake bi ka dawo? Ya ce a'a sai ya leƙa baya. To shi ke nan, 180 rabin zagaye ne, ka tsaya ne a kwanar baya ba ka dawo get ba. Kar wanda ya ji kunya in ya yi haka, kusan kowa da shi yake farawa, gyaran kawai shi ne ka cika lambobi huɗu kafin ka tara.

Mu sake. An ba ka biyu, kai za ka rubuta huɗu. Faɗa da bakinka: gaba, dama, baya, hagu. Masu sauri za su ce a tara 60 da 120 sai a ninka biyu, eh daidai ne 180 sau 2 shi ma 360 ne, amma ni ban yarda mai koyo ya fara da wannan ba don ninkin ne ake mantawa. Kuma kar ka buga 60 sau 120 a kalkuletar waya, 7,200 ɗin da zai fito girman cikin filin ne, ba shi da alaƙa da tsawon katanga.

Darasi na biyu

Wani lokaci gefen gaba a gutsure yake zuwa. Misali birkila ya ja tef ya ce katangar hagun get ƙafa 20, get ɗin kansa ƙafa 12, amma katangar daman get bai auna ba saboda an jibge yashi a wurin. Baya kuwa ya auna, 60 ne, gefen dama kuma 120.

Ba sai an kwashe yashin ba. Tunda baya 60 ne, gaba gaba ɗayansa 60 ne. Abin da muka sani a gaba shi ne 20 da 12, wato 32. Cire 32 daga 60, saura 28, to gutsuren da yashi ya rufe ƙafa 28 ne. Gwada ka gani, 20 da 12 da 28 sun koma 60.

Sai me? Sai ka koma kan zanenka ka cika gefe huɗu. Ina sake faɗa saboda a nan ma sai na ga an tara 20, 12, 60 da 120 an kawo mini 212, an bar 28 an kuma bar gefen hagu baki ɗaya. Haba jama'a, sau nawa za a ce a ƙirga da yatsa? Wanda ya ƙi yin zane ya ce zai yi a ka, shi ne kullum amsarsa take zuwa a gajarce, kuma ranar da ya sayi waya mai ƙaya da wannan lissafin sai ta ƙare masa a tsakiyar aiki ya sake biyan kuɗin mota zuwa kasuwa. Amsa dai tana nan 360. In katanga kawai kake son sani ban da get, sai ka cire 12, ya rage ƙafa 348.

A kula da abu biyu. In gaba da baya kawai aka ba ka, 60 da 60, lissafi ba zai yiwu ba, dole a samu tsawon dama ko hagu. Sannan dokar nan ta fili ne mai kwana huɗu a miƙe. Filaye da yawa a Legas a karkace suke saboda kwata ko hanya ta ci gefe ɗaya, in ka ga gaba 60 baya 54 to ka daina zato, ɗauki tef ka auna duka huɗun.

Darasi na uku

An ba ka kewaye da gefe ɗaya. Fili irin na gida Arewa, kewayensa ƙafa 300, faɗinsa 50, nawa ne tsawonsa? Faɗi biyu ne, 50 da 50, ɗari ke nan. Cire 100 daga 300, saura 200, wannan na dogayen gefe biyu ne, raba biyu, kowanne 100. Kar ka cire 50 ɗaya kawai. Tara huɗun ka tabbatar sun koma 300.

Darasi na huɗu

Takardar safiyo da mita take zuwa, ejan kuma da ƙafa yake magana. Kar ka haɗa su a lissafi ɗaya. Ƙafa 60 ya ɗan wuce mita 18.

Aikin gida, a yi zane a kowanne: rabin fuloti 60 da 60, nawa ne kewayensa? Gida mai faɗin mita 15 da tsawon mita 30 fa? Kewaye ƙafa 280, tsawo 90, nemo faɗin.