Kurakuran da aka fi yi wajen karanta sakamakon Sanger, da inda NGS ta fi dacewa

Ɗalibi ko ma'aikacin labo a Zinder da ya tura samfurin PCR wani wuri domin a karanta masa jerin haruffan DNA, yawanci fayil iri biyu ake mayar masa: ɗaya na haruffa zalla, ɗaya kuma mai ƙarewa da .ab1. Babban kuskuren da na fi gani shi ne a kwashe haruffan a wuce, ba a buɗe fayil na biyun ba. Haruffan nan hukuncin na'ura ne kawai, shaidar kuwa tana cikin zanen tuddai masu launi da ake kira kuromatogiram, wanda manhajoji irin su Chromas ko FinchTV suke buɗewa.

Kafin a iya karanta zanen, sai an san yadda ake samar da shi. A hanyar da Frederick Sanger ya fitar a 1977, ana kwafar DNA daga furaima guda, wato ɗan gajeren zaren DNA da kwafin yake farawa daga gare shi, a cikin haɗin kuma akwai ɗan ddNTP kaɗan, wato tubalin da ba shi da OH a matsayi na 3', don haka duk inda ya shiga sarƙar ta tsaya. A na'urorin da suka zo daga baya, kowane daga cikin ddNTP huɗun, na A, C, G da T, yana ɗauke da rininsa. Gutsattsarin suna bi ta siririn bututu, gajeru a gaba, dogaye a baya, haske yana karanta rinin harafin ƙarshe na kowane. A zanen da aka saba, A kore ne, C shuɗi, G baƙi, T ja. Abin riƙewa a nan shi ne kowane tudu jimillar hasken ɗimbin kwafi ne da suka iso tare, ba hoton zare guda ba. Daga wannan ne ƙarfin hanyar da iyakarta suka fito.

Kuskure na biyu shi ne amincewa da zanen daga farko har ƙarshe. Haruffa 20 zuwa 40 na farko galibi a cakuɗe suke, bayan 700 zuwa 900 kuma tuddan suna faɗaɗa suna narkewa cikin juna. A yanke gefen biyu. Wanda ya dasa furaima dab da wurin da yake nema ya jefa amsarsa cikin ɓangaren da ba ya karantuwa. Ya kamata a bar tazarar haruffa 50 ko fiye. A duba makin Phred kuma: Q20 na nufin yiwuwar kuskure 1 cikin 100, Q30 kuma 1 cikin 1000.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tuddai biyu a wuri guda. Mu ɗauki misalin sikila, tunda cuta ce da babu unguwar da ba a san ta ba a Damagaram. A cikin jinsin HBB na haemogulobin, jerin da ke kewaye da wurin shi ne:

```
CCT GAG GAG   (HbA)
CCT GTG GAG   (HbS)
CCT AAG GAG   (HbC)
```

Mai AS zai nuna kore da ja a tsaye kan juna a harafin tsakiya na rukuni na biyu, kowane kusan rabin tsawon maƙwabtansa, sauran zanen kuma tsaf. Na'ura tana iya rubuta W a wurin, alamar A ko T, tana iya rubuta N, tana kuma iya zaɓar wanda ya ɗan fi tsawo ta rubuta A kawai. A wannan hali na ƙarshe, wanda ya dogara da haruffa zalla zai ce mutumin AA ne, alhali yana ɗauke da S. Ga masu shirin aure wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. A lura kuma GAG biyu ne a jere, na farkon ne wurin sikila, kuma an sha ganin wanda ya zuba wa na biyun ido ya ce lafiya lau.

Gyaran shi ne a karanta daga ɓangarori biyu. Furaimar baya za ta ba da CTCCTCAGG ga HbA, CTCCACAGG ga HbS, don haka canjin da ya bayyana A zuwa T a gaba zai bayyana T zuwa A a baya. Idan tudu na biyu ya fito a karatun gaba amma babu shi a na baya, a yi zargin datti ne, a sake.

Ba kowane ninki ne gado daga iyaye biyu ba, kuma wurin da ya fara shi ne ke faɗin dalili. Idan ninkin ya mamaye zanen tun daga harafin farko, to PCR ta fitar da abu fiye da ɗaya, ko ragowar furaima ba ta wanku ba. A koma jel a tabbatar layi guda ne, a tsarkake samfurin. Idan zanen ya zo tsaf sannan daga wani wuri komai ya ninku har ƙarshe, mafi yawanci ɗaya daga cikin kwafi biyun ya rasa harafi ko ya ƙara, sai jeri biyun suka goce wa juna. Idan kuma ruɗanin ya fara bayan dogon jerin harafi ɗaya, kamar A goma sha biyu, santsi ne sinadarin kwafi ya yi. Akwai kuma wani faffaɗan tabo da kan fito wajajen harafi na 70 zuwa 80, wanda ragowar rini ne, ba maye gurbi ba.

Yanzu a koma ga mai SC. Zanensa zai nuna G da A a harafin farko na rukuni na biyu, A da T a na biyu. Sanger ba ta iya cewa wane harafi ne yake tare da wane a zare ɗaya, domin ta haɗa hasken duka. Daga sanin cewa GTG da AAG ne suka yaɗu a Afirka ta Yamma muke yanke hukunci, awon haemogulobin kuma ya tabbatar. Hanyoyin NGS, masu karanta miliyoyin gutsattsari a lokaci guda, suna ba kowane gutsure nasa karatun daban, saboda haka za a ga wasu layuka da GTG, wasu da AAG, a ƙirga su.

Wannan ƙirgar ita ce dalilin da ya sa kuskure ne a nemi abu ƙanƙani da Sanger. Nau'in da bai kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na samfur ba yakan ɓace cikin ƙananan tuddan ƙasa. A ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, yaro ɗaya yana iya ɗauke da nau'o'in ƙwayar cutar fiye da ɗaya. Idan mai jure magani kashi 5 ne kawai, zanen zai fito tsaf kamar babu shi. A NGS, idan an karanta wurin sau 1000, kusan layuka 50 za su nuna shi.

Sai dai masu ɗaukar NGS a matsayin maganin komai su ma suna kuskure. Na'urorin Illumina gajerun gutsattsari suke karantawa, yawanci haruffa 150 zuwa 300, kuma amincin sakamakon yana ga zurfi, wato sau nawa aka karanta kowane wuri. Ana iya ba da rahoton matsakaicin zurfi 30 alhali wurin da ake nema sau 4 kawai aka karanta shi, kuma layi ɗaya cikin huɗu da ya bambanta ba hujja ba ne. Jinsuna masu kama da juna, kamar HBB da HBD, suna iya sa a jingina gajeren gutsure a inda ba nasa ba. A buɗe fayil ɗin BAM, mai ɗauke da layukan da aka karanta, a manhajar IGV, a duba zurfin wurin kansa, a ga ko canjin ya fito a layukan gaba da na baya. Idan tambayar wuri guda ce a samfura goma ko ashirin, kamar ta sikila, Sanger daga ɓangarori biyu ta wadatar, ta fi sauƙin kuɗi, fayil ɗinta kuma ƙarami ne da ko intanet ɗin waya zai sauke shi.