Yadda za a kwantar da shafin tebur mai faɗi a Word, lambobin shafi su tafi daidai

Da farko ka sa alamar rubutu a gaban teburin, ka shiga Layout, sai Breaks, ka zaɓi Next Page. Ka maimaita haka a bayan teburin. Kada ka yi amfani da Page Break, domin ba ya raba sashe, kuma duk takardar ce za ta kwanta.

Daga nan ka danna cikin teburin, ka zaɓi Orientation, sai Landscape.

A nan ne lambobi kan rikice. Idan teburin yana shafi na 7 amma ya nuna 1, ka danna ƙasan shafin sau biyu, ka buɗe Page Number, sai Format Page Numbers, ka zaɓi Continue from previous section. Ka duba sashen da ke biye ma, shi ne aka fi mantawa da shi.